Ɗan Farin Atine a Rahoton Likita

Ni fa na ce na daina aikin tafinta. Na faɗa wa kowa, har maigidana na kafa shaida. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nas a gidan kula da tsofaffi a garin Wheaton, nan ƙasar waje, ƙafafuna kullum a kumbure, sannan ranar hutuna guda a mako a ce in je in zauna ina juya baƙin cikin mutane daga Hausa zuwa Turanci? Haba! Amma da Pauline ta bugo waya, sai kawai na ji bakina ya ce to. Pauline lauya ce a wata ƙungiya mai taimakon masu neman mafaka, kuma idan ta fara roƙo ba ta gajiya.

Ta ce, "Hasiya, zama biyu ne kacal. Mace ce daga wajenku, kuma shari'arta na tangal-tangal."

Matar ita ce Hajiya Atine, mai shekara hamsin da biyu. A gida ma'aikaciyar rigakafin shan-inna ce, irin masu bi gida-gida da akwatin sanyi. 'Yan bindiga sun yi ta aiko mata da gargaɗi ta daina, ba ta daina ba, sai suka harbe babban ɗanta Fatihu, wanda yake kai ta aiki a babur. Ta koma wani gari, kiran waya ya bi ta can. Daga nan ta zo wurin 'yar ƙanwarta Umaima a Bowie da bizar ziyara, ta nemi mafaka kafin shekara ta cika.

Matsalar ita ce, a takardar bayaninta an rubuta tana tsaye a ƙofar gida ta ga komai da idonta. Amma da aka yi mata tambayoyi a ofishin masu neman mafaka da ke Arlington, sai ta ce tana cikin ɗaki, ƙarar bindiga kawai ta ji. Da jami'in ya tambaye ta sunan ɗan nata kuma, sai ta yi shiru, can ta ce ai yana cikin takarda. Ni ma da ni ce jami'in da na yi kokwanto. Jami'in ya tura maganar zuwa kotun shige da fice ta Baltimore. Shekara biyar ke nan tana jira tun farkon nema, yanzu saura mako bakwai a zauna. Idan alƙali bai yarda da ita ba, umarnin kora zai bayar, ta koma inda ake da lambar wayarta.

Shi ya sa Pauline ta nemi rahoton likitar halayyar ɗan'adam. Dakta Constance ce za ta yi, wata dattijuwar baƙar fata mai furfura, ofishinta a College Park, a saman wani shagon gyaran tabarau. Kafin mu fara ta yi wa Hajiya bayani, ni kuma ina juyawa. Ta ce ita ba alƙali ba ce, ba lauya ba ce, kuma ba ta nan lokacin da abin ya faru, saboda haka ba za ta rubuta cewa ya faru ba. Aikinta ta duba ciwon da ke jikin zuciya, ta faɗi ko ya dace da labarin da aka bayar, da kuma yadda dacewar ta kai: ko bai dace ba, ko ya dace, ko ya dace ƙwarai. Ta ƙara da cewa duk abin da aka faɗa a ɗakin nan zai iya shiga rahoto, lauyan gwamnati da alƙali su karanta.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya sa mu dace."

Wayyo, zaman farkon nan ya ba ni wuya. Likita ta ɗauko takardar tambayoyi, kowace tambaya da amsa huɗu: ko kaɗan, kaɗan, da yawa, ƙwarai. Sai ga Hajiya da amsa ta biyar.

"A makon da ya wuce, kina samun barci?"

"Alhamdulillahi."

"Kina firgita idan kika ji ƙara?"

"Sai godiyar Allah."

Na juya kamar yadda ta faɗa, don doka ce, tafinta ba ya ƙari ba ya ragi. Amma a raina cewa nake, baiwar Allah, ba gaisuwa muka zo yi ba. Dakta Constance kuwa ko a jikinta. Ta ajiye takardar ta ce, to jiya ƙarfe nawa kika kwanta, ƙarfe nawa kika farka, me ya tashe ki? A haka, da kaɗan-kaɗan, abubuwa suka fito. Barcinta ba ya wuce awa uku. Mafarki ɗaya take yi, na hanya da babur. Ran nan wani maƙwabci ya tayar da injin yankan ciyawa, aka same ta durƙushe a bayan injin wanki. A ɗakin ƙasa na gidan Umaima take zaune, ba ta hawowa sai an kira ta. An yi suna a gidan, ta ce tana ganin mutane suna dariya amma ita ba ta ji komai ba.

Duk tsawon awa uku ba ta ambaci sunan Fatihu ba. Sai dai "wancan", ko "yaron Inna", don kakarsa ce ta raine shi. Idan likita ta faɗi sunan, sai ta sunkuyar da kai ta kalli tafin hannunta.

Da aka tashi, Umaima ta zo ta ɗauke ta, ni kuma na tsaya shan ruwa. Likita tana duba rubutunta ta ce da ni, "Kin lura ba ta iya furta sunansa? Gudun abin da ke tuno da masifa ke nan, kuma da ƙarfinsa. Yana cikin ginshiƙan ciwon. In babu alamar gudu ko guda, ba a cewa mutum yana da PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa."

Na ce, "Uhm." Na ɗauki jakata na sauko.

Wallahi tun a matattakala na san na yi rashin gaskiya. Wane irin gudu? Ɗan fari ne fa! Ni kaina 'yar fari ce. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ce Hasiya ba, sai dai "ke" ko "waccan", kuma in baƙi suna nan ko kallona ba ta yi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka aka tarbiyyantar da su. Hajiya Atine ba ta daina faɗin sunan ɗanta don an kashe shi ba. Ba ta taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa.

Mako guda na yi ina jan maganar a raina. Ina canja wa tsofaffi zanen gado ina faɗa da kaina. Wa ya aike ki? Kuskuren nan ai taimakonta yake yi. Likita ta samu ginshiƙinta, lauya ta samu bayanin shirun da aka yi a Arlington, kowa ya huta. In kika buɗe baki aka cire, rahoto ya rame, aka kori matar nan, ke za ki ɗauki alhakinta? Sai kuma wata zuciyar ta ce, to likita za ta sa hannu a kan rantsuwa cewa tarbiyyar iyayenmu ciwo ce, ke kina zaune kina kallo. Na gaji, wallahi na gaji, har na yi wa maigidana tsawa a kan cokali.

A zama na biyu, ko minti goma ba a yi ba likita ta ce, "Hajiya, na lura duk lokacin da aka zo kan sunan ɗanki sai ki kauce. Tun yaushe hakan ya fara?"

Na juya tambayar. Hajiya ta kalle ni, kallon da ke cewa, ke ma ba ki gaya mata ba? Sai na ɗaga hannu kamar yadda aka koya mana, na ce da Turanci, "Tafinta na neman izinin magana, akwai al'adar da ya kamata a sani." Na gaya wa Hajiya da Hausa abin da zan faɗa, don kada ta ga ana maganarta a gabanta. Sannan na bayyana kunyar ɗan fari a taƙaice, na ce amma a tambaye ta ita, kada a ɗauki tawa.

Dakta Constance ta cire tabarau ta murza ido. Ta ja layi a kan wani abu a takardarta, na ji ƙarar biron har cikin cikina. Ta ce, "Na gode. Da kin faɗa mini tun makon jiya." Gaskiyarta ce.

Ta juya wurin Hajiya. "Kafin rasuwarsa, kin taɓa kiran sunansa?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Shekara ashirin da shida, ko sau ɗaya."

"To idan kina son ya zo, yaya kike yi?"

"In aiki ƙannensa. Ko in yi gyaran murya, ya san nawa."

"Idan yana nesa fa, babu wanda za ki aika?"

Na ɗauka ba ta ji ba, har zan maimaita. Sai na ga hannunta ya kama gefen kujera, gumi ya keto mata a goshi alhali ɗakin da sanyi. Likita ta ce za a iya tsayawa a huta. Hajiya ta girgiza kai. Da ta fara magana, muryarta ba hawa ba sauka, kamar mai karanta jerin kayan cefane.

Ta ce da safe ne, wajen ƙarfe bakwai da rabi. Ta fito ƙofar gida da akwatin sanyi a kafaɗa. Shi yana bakin layi a kan babur yana jiranta, ya ba ta baya, tsakaninsu bai fi taku talatin ba. Sai ta hango wasu mutum biyu a kan wani babur suna tahowa ta ɗaya ɓangaren layin, na bayan yana zaro abu daga cikin riga. Ita ta fara ganinsu, kafin kowa.

"Na buɗe baki. Na ce, kai! Na ce, kai wannan! Mai shayi ya waiwayo. Wani mai faci ya waiwayo. Shi bai waiwayo ba, layi cike da mutane, wa ya san da wa nake. Sunan yana nan a bakina, Malama Hasiya, yana nan. Bai fito ba. Suka wuce ni suka same shi."

Aikina in juya, na juya. Na ce "ni" a inda ta ce "ni", haka ƙa'idar take. Ban san da wace murya na yi ba.

Ta ce daga nan maharan suka juyo suka yi harbi wajen ƙofa, ta faɗa cikin zaure. Ta ce tun daga ranar, idan labarin ya zo mata sai ta mai da kanta cikin ɗaki, don wanda ke ɗaki bai ga komai ba, ba a kuma tambayarsa me ya sa bai yi kira ba. Wani lokaci har ta yarda a ɗakin take. Umaima ce ta rubuta mata takardar farko da abin da dangi suka sani, cewa a ƙofa take. Amma a Arlington, da baƙon namiji ya tsare ta da ido, sai ta koma ɗaki. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har mijinta kafin ya rasu.

Likita ta bar ta ta numfasa, ta sa aka kawo ruwa, ta tambaye ta ko tana tunanin cutar da kanta. Hajiya ta ce a'uzubillahi, ita Musulma ce. Sannan a hankali likita ta ci gaba da tambaya. Ashe shekara biyar Hajiya ba ta taɓa buɗe ƙofar gidan Umaima da hannunta ba. Ko mota za ta shiga, ta gareji take bi.

Da Pauline ta ji, sai da ta dafe kai. Ta ce yanzu dole a rubuta ƙarin bayani a kai kotu, kuma lauyan gwamnati zai ce labari ya sake sabon salo ana saura wata guda. Ta ce, "Hasiya, ba na cewa kin yi laifi. Ina dai cewa kin ƙara mini aiki." Na ce ai ni ma ban samu hutu ba. Takardu kuma dole su shiga kotu kwana goma sha biyar kafin zama, saboda haka cikin gaggawa aka yi komai.

Rahoton ya fito shafi goma sha ɗaya. Muka zauna a falon Umaima da rana, ni da Pauline da Hajiya, na karanta mata shi da Hausa tun daga farko. Likita ta rubuta sau nawa ta gan ta, awa nawa, da wace tafinta. Ta jera alamomin: mafarki, firgita, rashin barci, mutuwar jin daɗi, ɗora wa kai laifi, gudun ƙofar gida da gudun tuna inda take tsaye. Ta ce sun cika sharuɗɗan PTSD, tare da ciwon damuwa mai tsanani, kuma zaman jira da kewar gida sun ƙara wa damuwar nauyi amma ba su isa su bayyana sauran ba. Ta ce ta duba ko ƙirƙira ake yi, ba ta ga alama ba, hasali ma matar rage ciwonta take yi, ba ƙarawa ba. Ta ware sakin layi guda ta ce rashin faɗin sunan al'ada ce da ta girmi abin da ya faru, ita ba ta lissafa shi cikin alamomin ciwo ba, kuma ta amsa cewa da farko ta fahimce shi ba daidai ba. Sai sakin layin ƙofa, da "kai wannan", komai da komai. A ƙarshe ta ce abin da ta gani ya dace ƙwarai da abin da aka ba da labari, kuma saɓanin ƙofa da ɗaki irin wanda ake gani ne ga mai wannan ciwo.

Da na kai ƙarshe Hajiya ta ce, "Umaima za ta gani?"

Pauline ta ce a'a, sai in ita ta so. Alƙali ne da lauyan gwamnati, kuma zaman a rufe ake yi.

"In aka cire wancan wurin fa?"

Pauline ba ta ɓoye mata ba. Ta ce ba za a ce wa likita ta yanke rahotonta ba. Ko a kai shi yadda yake, ko kada a kai. In ba a kai ba, babu abin da zai bayyana saɓanin, kuma a ganinta za su faɗi.

Hajiya ta ce, "A kai."

Ranar shari'a ni na tuƙa ta zuwa Baltimore, don Umaima ba ta samu izini a wurin aiki ba. Kotu tana da nata tafintan, wani Bazazzagi mai ƙaramin gemu, saboda haka a benci na zauna a waje. Awa uku da rabi. Na ƙirga fitilun silin, na karanta duk sanarwar da ke bango, har da ta Sifaniyanci da ba na ji. Bayana ya ƙage.

Pauline ce ta fara fitowa, ta zube kusa da ni ta cire takalmi ɗaya. Ta ce an sha wuya. Likita ta ba da shaida ta waya, lauyan gwamnati ya tsare ta: kina iya gaya wa kotu wannan abu ya faru? Ta ce a'a. Kina iya cewa ba wani abin dabam ne ya jawo ciwon ba? Ta ce ba za ta rantse ba, amma ta duba ba ta samu wani abin da ya fi dacewa ba. Sannan aka sa Hajiya ta sake faɗin labarin ƙofa, aka yi ta juya ta, ba ta kauce ba. Alƙali ya ce ya gamsu da gaskiyarta, ya ce rahoton ya bayyana masa saɓanin, ya ba ta mafaka. Gwamnati ta ce ba za ta ɗaukaka ƙara ba.

Na ce, "Alhamdulillahi!" da ƙarfi har mai gadi ya kalle ni. Hajiya ta fito, na rungume ta ina barka, barka. Ta ce, "Barka kadai," ta tambayi inda za ta yi alwala.

A mota na yi ta surutu ni kaɗai. Na ce bayan shekara guda za ta nemi katin zama na dindindin. Na ce 'yar autarta da ba ta kai ashirin da ɗaya ba lokacin da aka shigar da takardu, Pauline ta ce za a iya nemo mata ita. Na ce likita ta ba da sunan wata mai ba da magani, kada ta yi wasa da zuwa. Ita dai tana kallon bishiyoyin gefen hanya. Mun kusa Bowie ta yi magana.

"Malama Hasiya, alƙalin nan ya ce ya yarda da ni."

"Ƙwarai kuwa, Hajiya."

"Da duka ya yarda?"

"Da duka mana. Ai shi ya sa aka ba ki."

"Har da na gan su kafin kowa."

Wata babbar mota ta wuce mu, na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Ta ce, "Da lauyan nan ya miƙe yana cewa ƙila ban tsaya a ƙofar ba, ƙila daga baya na shirya, wallahi sai na ji ina sauraronsa da kyau. Na ce ko Allah zai sa ya fi su hujja. Mutum mai ilimi haka, in ya ce a ɗaki nake, ai sai in koma ɗaki." Ta gyara mayafinta. "Sai likita ta ce ya dace ƙwarai. Alƙali ya sa hannu. Yanzu kuma ina zan ce nake?"

Na sa sigina na shiga layinsu.